Hoto Daban, Rubutu Daban: Inda Dariyar Mim Take Fitowa

Tambaya: Malam, ina yawan ganin hoto ɗaya yana ta yawo, kowa ya ɗora masa nasa rubutun, kuma kullum sai a yi dariya. Ni kuwa in na gwada haɗa nawa sai ya fito lami. Mene ne sirrin da ke tsakanin hoton da rubutun, kuma me ya sa ba a gajiya da maimaita hoto guda?

Amsa: Ɗan'uwa, dariyar ba a cikin hoton take ba, ba kuma a cikin rubutun ba. Tana cikin ɗan aikin da mai kallo yake yi da kansa lokacin da ya haɗa su. Ido yakan fara sauka kan hoto kafin ya karanta komai, domin fuska da motsin jiki sun fi haruffa saurin shiga kai. Kafin ƙiftawar ido mutum ya riga ya yanke cewa wannan fushi ne, wannan tsoro ne, wancan kuma kwaɗayi. Sai ya karanta rubutun ya tarar ana maganar wani abu da ba shi da haɗi da abin da ya gani. Nan take kansa zai shiga neman inda biyun suka dace, kuma da zarar ya gano, sai dariya ta kuɓuce masa. Masana barkwanci sun daɗe da wannan bayani. Jerry Suls ya tsara shi a 1972 a matakai biyu: a fara cin karo da abin da ba a zata ba, sannan a gano wata ƙa'ida da ta sa abin ya yi ma'ana. In aka tsaya a matakin farko, ruɗu kawai aka samu. In kuma babu matakin farkon, to bayani aka yi, ba barkwanci ba.

Mai jin Hausa ya san wannan gini tun kafin a ƙera waya. Duba karin maganar nan: "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki." Rabin farko magana ce ta yau da kullum wadda ba ta ba kowa dariya. Rabi na biyu wani yanayi ne da aka zana. Haɗuwar ce ta haifar da abin, kuma ba wanda ya tsaya yi maka bayanin cewa falke yana bukatar jaki don ɗaukar kaya. Kai ka cike wannan gurbin. Mim, wato irin hoton nan da ake ɗora wa rubutun barkwanci, shi ma haka yake, sai dai an mayar da rabi ɗaya hoto.

Bari mu ɗauki hoto guda mu warware shi, domin a nan ne za ka ga inda naka yake sullewa. Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ake nema da sunan Distracted Boyfriend. Wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Sifaniya, Antonio Guillem, ya ɗauke shi a birnin Girona a 2015, ya sa shi a rumbunan sayar da hotuna na intanet, kuma bai cika duniya ba sai a watan Agustan 2017. Mutum uku ne a ciki. Akwai saurayi a tsakiya, sanye da riga mai zanen dara, yana tafe riƙe da hannun budurwarsa, amma ya waiga yana bin wata mai jar riga da kallo, ya tsuke baki kamar zai yi fito. Budurwar tana gefen dama, baki buɗe, ta zuba masa ido cikin mamaki da takaici. Mai jar rigar tana gefen hagu, ta fi kowa kusa da kyamara, hotonta ya ɗan yi dishi-dishi, kuma ba ta ma san ana yi ba.

Abin da wannan hoto yake ɗauke da shi ba mutane uku ba ne kawai, dangantaka ce. Akwai mai zaɓi, akwai abin da ya riga ya ɗaura wa kansa, akwai kuma sabon abin da ya ɗauke masa hankali. Har da hukunci a ciki: fuskar budurwar tana gaya maka cewa abin da saurayin yake yi abin kunya ne, kuma an kama shi. Duk wannan ya isa ga mai kallo ba tare da kalma ko ɗaya ba. Aikin mai rubutu shi ne ya sanya wa gurabe ukun suna, shi ke nan.

To mu gwada. A kan saurayin ka rubuta "ni". A kan budurwar ka rubuta "karatun jarrabawar gobe". A kan mai jar riga ka rubuta "gyaran ɗakin da na shekara ban taɓa ba". Wannan zai yi aiki, kuma ga dalili. Ba wanda yake ɗaukar share ɗaki a matsayin abin sha'awa, amma hoton ya dage cewa kwaɗayinsa ake yi har da tsuke baki. Wannan shi ne karon. Sai mai kallo ya tuna cewa lallai daren jarrabawa ne mutum yake ganin ƙura a bayan gado, yana jin ba zai iya buɗe littafi ba sai ya share. Wannan shi ne warwarewar. Ka lura ba a rubuta "lalaci" ko "gudun karatu" a ko'ina ba, shi ya gano da kansa.

Yanzu mu ɓata shi ta hanyoyin da aka fi ɓatawa. Da a kan mai jar rigar ka rubuta "wasa da waya", da za a gane, amma dariyar za ta yi ƙasa sosai, domin kowa ya san waya ta fi karatu daɗi. Rubutun ya faɗi daidai abin da ake zato, babu tazarar da za a tsallaka. Wannan ne ciwon da ya fi yawa a mim ɗin sababbin hannu: hoton yana cewa fushi, rubutun ma yana cewa "na yi fushi". An faɗi abu ɗaya sau biyu. Da kuma ka rubuta "farashin jan ƙarfe a kasuwar duniya", tazarar ta yi faɗi har ba gada, sai mutum ya duba ya wuce, in ba a cikin wani zaure da wannan magana take da tarihi ba. Da ka musanya gurabe, ka sa karatu a kan mai jar riga, shara a kan budurwa, hoton zai ce kana jin kunyar son karatu, wanda ba shi kake nufi ba. Hoton ba ya tanƙwaruwa don ya bi ra'ayinka, kai ne za ka bi nasa. Akwai kuma mai ƙara layi a ƙasa yana cewa "haka nake yi kullum idan jarrabawa ta zo, wallahi abin dariya". Wannan ya ƙwace wa mai kallo ɗan aikin da shi ne ladansa, kuma barkwancin da aka yi wa sharhi ya mutu.

Tsarin tsayuwar mutanen ma yana taimakawa, ko da yake ba don haka aka ɗauki hoton ba. Mai karanta boko daga hagu yake farawa. Saboda haka yakan fara cin karo da abin kwaɗayin, sannan mai kwaɗayin, sai a ƙarshe ya iso kan abin da aka yi watsi da shi da fuskar takaicin da ke ɗauke da shi. Idan abin mamakinka yana kan budurwar ne, to ya zo a ƙarshe, inda ya kamata bugun barkwanci ya sauka. Idan yana kan mai jar riga, kamar a misalinmu, mai kallo zai kai ƙarshe sannan ya waiwayo, kuma wannan waiwayen ne lokacin ganewa. Duk biyun suna aiki muddin rubutun gajere ne. A irin wannan hoto mai laƙabi a jikin mutane, 'yan kalmomi kaɗan a kowane gurbi sun wadatar. Ya wuce haka, sai rubutu ya rufe fuska, kuma fuskar ce rabin jarin.

Ba kowane karo ne irin wannan ba. Akwai wanda rubutu da hoto suke ƙaryata juna kai tsaye. Misalin da ya fi shahara shi ne karen nan mai ƙaramar hula da KC Green ya zana a 2013, zaune a kan kujera da kofi a gabansa, wuta ta kama ɗakin ko'ina, shi kuwa yana cewa "This is fine.", wato komai lafiya lau. Asalin zanen gida shida ne, kuma a ƙarshensa karen narkewa yake yi, amma gida biyun farko kaɗai aka yanka ake yawo da su. Yankan ya yi daidai: da an bar ƙarshen, da labarin ya rufe kansa. Da aka tsaya a inda wuta take ci shi kuma yana murmushi, sai ya zama kowa zai iya cewa halin da nake ciki ke nan. A nan karon yana cikin samfurin, wato ainihin hoton da kowa yake ara, tun asali, mai amfani da shi abin da kawai zai kawo shi ne sunan wutar: bashi, aikin da lokacinsa ya ƙure, batirin da ya rage kashi 2 cikin ɗari.

Akwai kuma karon girma da ƙanƙanta, wanda a ganina shi ne mafi sauƙin koyo. Ka ɗauki hoto mai nauyi, fuskar wanda duniya ta kife masa, ka ɗora masa ƙaramin abu, kamar igiyar abin sauraro na kunne da ta maƙale a hannun ƙofa ta fizge. Ko ka juya: fuska a sake, hankali kwance, rubutu kuma na masifa. Dariyar tana zuwa ne daga rashin daidaiton awo, tare da gaskiyar da ke ƙarƙashi, cewa a cikin wannan daƙiƙar haka mutum yake ji a ransa ko da ya san abin bai kai ba.

Wani lokaci ma hoto da hoto ne suke karo. Matar da ke nuna yatsa tana kuka da ihu, da farar kyanwar da ke zaune a gaban faranti ta yamutsa fuska, ba su taɓa haɗuwa ba. Hoton matar daga wani shirin talabijin na Amurka aka ciro shi, na shekarar 2011, kyanwar kuma, mai suna Smudge, a 2018 hotonta ya fito. A 2019 wani ya jera su gefe da gefe a Twitter, sai kowa ya ga rigima tsakaninsu. Masu shirya fim sun san wannan tun kusan shekara ɗari da suka wuce. Lev Kuleshov a Rasha ya nuna cewa fuska ɗaya da ba ta nuna komai, in aka jera ta da abubuwa daban-daban, masu kallo sukan karanta mata yunwa a nan, baƙin ciki a can. Kan mutum ba ya yarda a ajiye abu biyu kusa da juna ba dalili, sai ya ƙirƙiro musu dangantaka. Rubutun mim wannan ɗabi'ar yake hawa.

Sai batun maimaici. Barkwanci na baki yana bukatar shimfiɗa: su wane ne, ina suke, me ya haɗa su. Mai zazzaga waya da babban yatsa ba zai ba ka wannan lokacin ba. Samfurin da aka sani ya riga ya biya kuɗin shimfiɗar. Da mutum ya hango jar rigar nan da saurayin da ya waiga, ya san za a yi maganar barin abin da ya kamata don bin abin da ake so, tambayarsa ɗaya ce: wannan karon mene ne? Saboda haka sanin hoton ba ya kashe mamaki, matsar da shi yake yi, ya tattara shi duka a kan kalmomin da aka cike gurabe da su. Mai kawo sabon hoto nasa aiki biyu ne a kansa, ya koyar da yadda ake karanta hoton, ya kuma ba da dariya, duk cikin daƙiƙa biyu ko uku. Shi ya sa hotunan asali da yawa, masu kyau ma, ba sa zuwa ko'ina.

Ba kowane hoto ne yake zama samfuri ba. Wanda yake zama, za ka tarar motsin ran da ke cikinsa a bayyane yake ƙwarai, har ya yi yawa, amma dalilinsa a buɗe yake. Hotunan rumbun sayarwa sun dace da wannan domin da gangan ake ɗaukarsu haka: masu fitowa suna zuzuta fuska don a gane da kallo ɗaya, kuma ba a danganta su da wani labari, don kowane mai saye ya yi amfani da su yadda ya ga dama. Dangantakar da ke ciki kuma dole ta zama wadda ake samu a kowane fanni. Barin na hannu don hangen na nesa yana cikin siyasa, yana cikin ƙwallo, yana cikin karatu. Ba sabon abu ba ne ma a zane: a 2018 mutane sun yi ta nuna wani zanen Joshua Reynolds na 1761, inda ɗan wasan kwaikwayo David Garrick yake tsaye tsakanin mata biyu kowace tana jansa, suna cewa ga kakan wannan mim ɗin.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ɗaukar samfuran da suka yi kama a matsayin abu ɗaya. Hoton mawaƙi Drake mai gida biyu, wanda a sama ya kau da kai ya ɗaga hannu, a ƙasa kuma ya yi murmushi yana nuni da yatsa, shi ma maganar fifita wani abu ne a kan wani. Amma shi mai zaɓin yana alfahari da zaɓinsa, ba mai hararar sa. Hoton saurayin kuwa tonon asirin kai ne. In kana so ka ce sabon abu ya fi tsoho kuma ka tsaya a kan haka, na farkon ne naka. In kana so ka ce na san bai kamata ba amma ga ni ina yi, na biyun. Wanda ya zuba maganar alfahari a cikin hoton kunya, masu kallo za su ji wani abu bai zauna ba ko da ba su iya faɗin mene ne ba.

Akwai wani dalilin maimaici da bai shafi saurin fahimta ba. Amfani da samfuri daidai yana nuna cewa kai ɗan gida ne, ka san dawan garin. Kuma kowane sabon amfani yana jingina da na baya. Samfuri yakan fara da amfani kai tsaye, kowa yana cike gurabe. In an saba, sai a fara karya ƙa'idar da gangan: a juya hoton, a sa kalma ɗaya a dukkan gurabe uku, a maye fuskokin da na wasu, a haɗa shi da wani samfurin. A wannan mataki karon ya tashi daga tsakanin hoto da rubutu, ya koma tsakanin abin da ka saba gani da abin da aka nuna maka yanzu. Wanda bai ga na farko ba ba zai gane na ƙarshen ba, kuma wannan ne dalilin da wani mim yake kashe wasu da dariya yayin da na gefensu yake ta jujjuya waya. Ana gajiya da samfuri, ba wai ba a gajiya ba. Alamar ita ce mutum ya iya cankar rubutun kafin ya karanta. Yawanci a daidai lokacin ne kamfanoni suke shigowa da tallarsu, a makare.

Siffar rubutun ma tana da aikinta. Tsohon salo, wanda ya yi tashe da hotunan kyanwa wajen 2007, fararen manyan haruffa ne na nau'in rubutun kwamfuta da ake kira Impact, masu baƙin gefe, layi ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ba ado ba ne: farin harafi mai baƙin gefe yana karantuwa a kan kowane launi, haske ko duhu, kuma kaurin harafin yana jure matsewar da hoto yake sha in an yi ta ɗauka ana sake turawa. Rabuwar layukan kuma ita ce ɗan shirun da mai ba da labari yake yi kafin ya saki maganar ƙarshe. Ido ya karanta na sama, ya ratsa ta kan fuskar, sannan ya faɗa kan na ƙasa. In ka zuba komai a sama, ka zubar da wannan shirun. Wani salon da ya yaɗu daga baya shi ne baƙin rubutu a kan farin fili a sama, hoton a ƙasa, inda rubutun ne shimfiɗa, hoton kuma shi ne bugun. A wannan salo kada rubutun ya ambaci yanayin fuskar ko kaɗan. Ka tsaya a "ni, lokacin da aka ce a buɗe kyamara a taron safe", ka bar fuskar ta ƙarasa.

Kafin ka tura, ka yi wannan gwajin. Rufe hoton da hannu ka karanta rubutun shi kaɗai. In ya ba da dariya haka, hoton kaya ne kawai, ka tura rubutun tsura. Sannan rufe rubutun ka dubi hoton, ka faɗa wa kanka a jimla ɗaya abin da yake cewa, kamar "an kama ni ina kwaɗayin abin da bai kamata ba". In jimlar nan ita ce kusan abin da ka rubuta, ka maimaita kanka, sai ka nemo wani abu takamaimai daga wani fanni na daban wanda yake da irin wannan dangantakar. Takamaimai ɗin nan shi ne ya fi wuya. "Aiki" ba ya ba da dariya, "saƙon da na buɗe na ce zan amsa an jima, yau kwana tara" yana bayarwa, domin mutum yana ganin kansa a ciki. Daga nan ka nuna wa mutum ɗaya ba tare da ka ce komai ba. In sai da ya tambaye ka me kake nufi, tazarar ta yi yawa. In ya gyaɗa kai kawai, ta yi kaɗan.

Karon yana da iyaka kuma. Peter McGraw da Caleb Warren sun yi bayani a 2010 cewa abu yana ba da dariya ne idan ya keta wata ƙa'ida amma mai kallo yana jin ba cutarwa a ciki. Matar da ke ihu a hoton kyanwa tana cikin mawuyacin hali na gaske a rayuwarta lokacin da aka ɗauki shirin, kuma akwai waɗanda da suka san haka hoton ya daina ba su dariya. Haka in ka sa sunan wani mutum na gaske ko wata al'umma a gurbin wanda ake wa dariya, hukuncin da ke cikin hoton a kansu zai sauka, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba. Wurin da aka sa mim ma yana canza yadda ake karanta shi. A 2018 wani kamfanin intanet na ƙasar Siwidin, Bahnhof, ya yi amfani da hoton saurayin nan a tallar neman ma'aikata, ya sa sunansa a kan mai jar riga, ya sa "wurin aikinka na yanzu" a kan budurwar. Hukumar sa ido kan tallace-tallace ta ƙasar ta yanke cewa tallar ta nuna wariyar jinsi, domin an mayar da matan wuraren aiki, namijin kuma shi ne mutum mai zaɓi. Ban da haka, hoton mallakar wanda ya ɗauka ne, kuma duk mai son sa shi a talla sai ya sayi lasisinsa daga rumbun da ke sayar da shi.